Malaman kemistiri, amsar da ba daidai ba ma aiki take so

Makon jiya takardar jarrabawar ƙarshen zango ta wata makarantar sakandare ta shigo hannuna, kuma tambaya guda ta ɓata mini rai. An ce: mol nawa ne a cikin giram 36 na ruwa, H₂O? Zaɓin da aka jera su ne 2, 100, 500 da "babu amsa". Yaron da bai taɓa buɗe littafin kemistiri ba ma zai canki 2, domin sauran ba su yi kama da komai ba.

Masu kare irin wannan aiki cewa suke yi wai tausayin yara ne, kada a ɗana musu tarko. Wannan hujjar malalaci ce. A takardar WAEC da ta JAMB zaɓi huɗu ne, don haka mai canki-canka yana da damar kashi 25 cikin 100. Idan biyu daga ciki shirme ne, damarsa ta koma kashi 50, malami ya raba maki kyauta, yaro kuma ya je zauren WAEC da tunanin ya iya.

Amsar ƙarya mai kyau daga kuskuren da ɗalibai suke yi take fitowa. Mu koma kan tambayar nan. Nauyin mol ɗaya na ruwa giram 18 ne, wato haidirojin biyu da oksijin mai 16, sai a raba 36 da 18 a sami 2. Wanda ya juya rabon, ya raba 18 da 36, zai sami 0.5. Wanda ya manta cewa haidirojin biyu ne, zai yi aiki da 17, ya sami kusan 2.1. Akwai kuma wanda yake rikita lambar atam da nauyinsa: ya ɗauki oksijin a matsayin 8, jimla ta zama 10, amsarsa 3.6. To a jera 0.5, 2.0, 2.1 da 3.6, daga ƙarami zuwa babba. Yanzu sai wanda ya yi lissafi daidai zai tsira, kuma idan rabin aji suka zaɓi 3.6, malami ya san darasin da zai maimaita ranar Litinin. "Babu amsa" ba ta gaya masa komai.

Na san malami ɗaya yana iya riƙe azuzuwa da yawa, amma hakan bai sa 500 ta zama zaɓi ba. Kurakuran nan suna cikin littattafan aikin yara da yake makawa kowane mako, tattarawa kawai ya ƙi yi. Bayan jarrabawa ya ƙirga: a ajin yara 60, zaɓin da bai ja ko mutum uku ba ya mutu, a cire shi a nemo wani kafin zango mai zuwa.