Layi ɗaya, ɗigo-ɗigo ko sakin layi: wanne mai karatu yake buƙata?

Jama'a, wata ɗabi'a ta shigo rubutunmu, musamman sakatarorin ƙungiyoyi da masu rubuta wa shugabanni rahoto: kowace magana sai an yanka ta gunduwa-gunduwa an jera da ɗigo, kamar ana lissafin kayan lefe. A ido abin yana da tsari, shi ya sa yake ruɗar mutane. Ni a ganina ɗigo-ɗigo shi ne salon da aka fi zalunta, domin ana ɗora masa kayan da ba nasa ba. Abin da ya kamata ya zaɓa maka salo tambaya ɗaya ce: in mutum ya gama karantawa, me zai yi? In labari kawai zai sani ya wuce, layi ɗaya ya ishe shi. In aiki zai yi da hannunsa yana dubawa, jeri yake so. In kuwa shawara zai yanke, ko kana so ya yarda da wadda aka yanke, to babu makawa sai sakin layi.

Mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce ƙungiyar manoman shinkafa ce mai mutum 40. Kowa ya zuba N80,000 don buhu biyu na yuriya a kan N40,000 kowane buhu, jimilla N3,200,000, buhu 80 ke nan. Kafin a biya, dila ya ce buhu ya koma N50,000. Kuɗin da ke hannun ma'aji yanzu buhu 64 kawai zai saya. Kwamiti ya zauna ya ce kowa ya ƙaro N20,000 kafin yammacin Alhamis, wanda ba zai iya ba ya karɓi buhu ɗaya da canjin N30,000. An ce wa sakatare ya sanar a guruf.

Sakataren da bai ƙware ba zai buɗe da "SANARWA TA MUSAMMAN". Wannan ba kanun labari ba ne, alamar bakin hanya ce wadda ba ta faɗi garin da za a ba. Wanda ya gan ta a saman wayarsa yana kan babur ko yana tsakiyar gona bai ƙaru da komai ba, zai ce sai anjima, kuma anjimar nan ba ta zuwa. Layi ɗaya mai aiki dole ya zama cikakkiyar jimla, da aikatau a ciki, da adadi, da lokaci: "Taki: a ƙaro N20,000 kafin ƙarfe 4 na yammacin Alhamis, ko a karɓi buhu ɗaya da canjin N30,000." Gwajinsa mai sauƙi ne. Ka rufe sauran saƙon da hannu. In wanda ya karanta layin nan kaɗai zai yi abin da ya dace, layin ya yi. In kuma zai yi kuskure saboda akwai wani sharaɗi da ka bari a ƙasa, to maganar ta fi ƙarfin layi ɗaya, kada ka matse ta.

Bari in ɗan ratse, don wannan ya shafe mu masu rubutu da Hausa. Saƙon tes na waya yana ɗaukar haruffa 160. Amma da zarar ka sa harafi mai lanƙwasa ko guda ɗaya, ƙ ko ɗ ko ɓ, ko alamar ₦, wayar tana sauya tsarin haruffan gaba ɗaya, saƙon ya koma ɗaukar 70 kacal. Layin takin nan ya haura 90, saboda haka zai tafi a matsayin saƙo biyu, kuɗin biyu. In mutum 40 za ka aika wa, ko dai ka cire lanƙwasar a inda ma'ana ba za ta rikice ba, ko ka rage layin. Sai dai a kula, "kasa" da "ƙasa" ba ɗaya ba ne.

To, mutum ya yarda zai ƙaro kuɗin. Yanzu abin da yake so shi ne yadda zai yi, kuma nan ne gidan jeri:

1. Tura N20,000 asusun ƙungiya, ko ka kai wa ma'aji hannu da hannu.
2. Rubuta sunanka da lambar katinka a kan shaidar biya.
3. Aika wa ma'aji hoton shaidar, shi kaɗai, ba a guruf ba.
4. Zo sito ranar Asabar da safe da katinka.

A lura da abu uku. Lamba aka sa ba ɗigo ba, domin matakan suna bin juna. Ɗigo na abubuwan da ko an juya su babu abin da zai lalace ne, kamar kayan da za a zo da su. Kowane layi ya fara da aikatau na umarni, tura, rubuta, aika, zo, ta yadda ido zai bi gefen hagu ya san inda ya tsaya. Kuma duk jinsi ɗaya ne, aiki ne da mutum ɗaya zai yi. Da zarar ka cusa "farashin taki ya tashi" a matsayin na biyar, ka haɗa gero da tsakuwa, mai karatu zai tsaya yana neman abin da zai yi da shi. In jeri ya wuce shida ko bakwai, a raba shi gida biyu kowane da kansa. In abu biyu ne kawai, jimla ɗaya ta ishe su. A WhatsApp, in ka fara layi da `1.` ko `-` ka bar fili, shi da kansa zai jera maka, ba sai ka bi kana sa tauraro da furanni ba.

Inda ake yin ɓarnar shi ne wajen dalili. Sakatare zai rubuta ɗigo huɗu: farashi ya tashi, lokacin taki na biyu ya kusa, dila ya riƙe farashi zuwa Juma'a, wasu sun ce a jira. Duk gaskiya ne. Amma me ya haɗa su? Mai karatu ɗaya zai fahimci cewa jira ya fi, tunda wasu sun faɗa. Wani zai ɗauka bayan Juma'a farashin sauka zai yi. Na uku zai ce kwamiti sun haɗa baki da dila. Kafin la'asar guruf ya kama da wuta, ana ta muryoyi masu minti biyar-biyar.

Abin da ɗigo ya cinye ƙananan kalmomi ne: saboda, amma, duk da haka, sai dai in, shi ya sa. Su ne igiyar da ta ɗaure dami. Ga yadda maganar take in an mayar da su: "Wasu sun ba da shawarar a jira ko farashi zai sauko, amma kwamiti bai ɗauka ba, saboda shinkafar yawancinmu ta kusa lokacin taki na biyu, kuma takin da aka zuba bayan lokaci ya wuce ba ya biyan kuɗinsa. Dila ya yarda ya riƙe N50,000 zuwa Juma'a kawai, shi ya sa muka sa Alhamis. Wanda shukarsa ta yi baya yana iya karɓar buhu ɗaya yanzu ba tare da ya yi asara ba." Jimla uku ce kawai. Yanzu wanda bai yarda ba ya san ainihin gaɓar da zai ƙalubalanta.

Akwai gwajin da nake ba kowa shawara: ka karanta ɗigoginka da ƙarfi, ka yi ƙoƙarin sa "saboda" ko "amma" tsakanin kowane biyu. In sun shiga, sakin layi ne ka yayyanka, ka mayar da shi. In sun ƙi shiga alhali hujja kake son kafawa, to matsalar ta fi ta salo, kai kanka ba ka gama tunanin ba, ɗigon ne ya rufa maka asiri.

Kada a ɗauka wannan matsalar ƙananan ƙungiyoyi ce. A ranar 16 ga Janairu 2003, lokacin da kumbon Columbia na Amurka yake tashi, wani ɓallin soso mai kare zafi ya ɓalle daga tankin mai ya bugi fiffikensa na hagu. Kumbon yana sama injiniyoyi suka gabatar wa shugabanni nazarinsu a allunan PowerPoint masu ɗigo cikin ɗigo. A ɗaya daga cikin allunan, kan maganar yana kwantar da hankali, amma can ƙasa cikin ƙananan haruffa aka ambata cewa gwajin da aka dogara da shi an yi shi ne da ɓalli mai girman kubik inci 3, alhali wanda ake magana a kai ya kai 1,920. Ninki 640 ke nan. Ranar 1 ga Fabrairu kumbon ya tarwatse yana dawowa, mutum 7 suka mutu. Ba allon ne ya fasa fiffiken ba, kuma dalilan haɗarin suna da yawa, amma kwamitin bincike ya soki yadda aka maye gurbin cikakken rahoton fasaha da irin waɗannan alluna. Da jimla aka rubuta, dole marubucin ya sa "amma" a gaban adadin nan, kuma duk wanda ya ga "amma" ya san abin da ke bayanta ya fi nauyi. Kamfanin Amazon ma tun 2004 ya daina amfani da irin allunan a tarukan manyansa, ana rubuta takarda mai shafi shida da cikakkun jimloli, a zauna shiru a karanta kafin a fara magana.

Sakin layi shi ma yana da nasa laifin, kuma namu na gida ne. Mukan fara da sallama, da fatan an tashi lafiya, da godiya ga shugaba da 'yan kwamiti, da tarihin zaman da aka yi, sai a layi na goma sha biyu N20,000 ta leƙo. A waya kuwa dogon saƙo yankewa ake yi, sai mutum ya taɓa kafin ya ga sauran, kuma da yawa ba sa taɓawa. Ban ce a bar sallama ba, ba tarbiyyarmu ba ce. A yi ta a layi ɗaya, hukuncin ya biyo nan take. Kuma kada a zuba lambar asusu da ranaku uku daban-daban a tsakiyar sakin layi, domin wanda ya je wurin mai POS zai dawo yana laluben lambar da yatsa, layin mutane na jiransa.

Saƙon sakataren nan, in ya yi kyau, duka ukun zai ɗauka: sallama da layin hukunci a sama, matakai huɗu a tsakiya, sakin layin dalili a ƙasa ga mai son sani. Sai dai in labarin mai zafi ne ƙwarai, kamar a ce kuɗin ne suka maƙale a hannun dila, nan dalili yake hawa sama kusa da hukunci, don layi ɗaya tsirara a irin wannan hali kamar zagi yake sauka.

Sannan a tuna da Baba Alhaji da ba ya karatun boko, wanda jikansa zai karanta masa, ko sakatare ya yi masa saƙon murya. Kunne ba ya jin ɗigo. Wanda zai ji da kunne sai a ce masa "abu huɗu za ka yi, Baba", a ƙirga masa na farko, na biyu, har na huɗu, sannan a maimaita kuɗin da ranar a ƙarshe, tunda shi ba zai iya ɗaga ido ya koma layin farko ba.