Sabon malami, ka san abin da za ka faɗa idan aka ce ka gabatar da kanka

'Yan'uwana da kuka samu aikin koyarwa a kwalejin kimiyya da fasaha, kada ku raina minti biyun da shugaban taro zai ba ku a zaman ma'aikata na farko. Shugaban sashe yana sauraronka ne da takardar rabon kwasa-kwasai a ransa, kuma abin da ya fito daga bakinka shi zai yi amfani da shi wajen yanke ajin da zai damƙa maka.

Shi ya sa nake roƙonka, kada ka ce "kowane kwas aka ba ni zan iya." Kana ganin ladabi ne, amma wanda ya faɗi haka shi ake tara wa kwasa-kwasan da kowa ya guje wa, sai ka tsinci kanka gaban 'yan babbar difloma kana koyar da abin da rabonka da shi tun kana ɗalibi. Ɗalibai ba sa ɗaukar lokaci kafin su gano.

Ɗauki misalin wanda ya karanci injiniyan lantarki. Ya gaida shugaban taro da muƙaminsa, ya haɗa sauran manya da abokan aiki a gaisuwa ɗaya, ya faɗi sunansa da sashensa da matakin da aka ɗauke shi. Sannan ya ce: "Digirina na biyu a kan rarraba wutar lantarki ne. Na yi shekara uku ina haɗa wayoyin gine-gine da gyaran taransifoma. Zan iya ɗaukar kwas ɗin injinan lantarki na 'yan difloma har da aikin hannunsa. Ɓangaren sadarwa kuwa ban ƙware ba, ina neman wanda zan koya a wurinsa." Shi ke nan, ya zauna. Ya ba shugaban sashe abin da zai yi aiki da shi, kuma faɗin iyakar saninsa ya kare shi daga kunya nan gaba.

Ka lura ya ambaci aikin hannu. A irin wannan makaranta ana horar da ɗalibi ne ya iya yi da hannunsa, don haka shekarunka a masana'anta sun fi jerin takardun shaida jan hankali. A ɗakin akwai masu kula da ɗakunan gwaji da wuraren koyon aiki, wasu sun girme ka nesa ba kusa ba, kuma makullan na'urori suna hannunsu. Ka sa su a gaisuwarka, domin ba za ka gudanar da darasin gwaji ko ɗaya ba sai da su.

Don Allah ka bar maganar "a jami'ar da na fito ba haka ake yi ba", ka kuma ajiye ƙorafin ofis ko albashi, wannan na rajistara ne da ofishin kuɗi. Idan ka ga sakataren taro ya ajiye biro, shugaba ya koma duba ajanda, to ka wuce lokacinka. Ka yi godiya ka zauna, bayan an tashi ka bi shugaban sashe ka karɓi manhajar kwas ɗin.