“Ai An Kama Shi” Ba Hujja Ba Ce

Duk sanda aka saka hoton wani matashi a kafafen sada zumunta da ankwa a hannu, kafin a jima za ka ga an gama masa shari'a. Wannan ya ce daga ganin idonsa ka san ɓarawo ne, wancan ya ce a kashe shi kowa ya huta. Na daina musu da mutane a kan wannan. Gara in ba ku labarin wata shari'a, da yadda ta sauya wa wata yarinya da ke aiki a ofishinmu na lauyoyi tunani.

Yarinyar ba lauya ba ce. Difiloma ta yi a fannin shari'a, muka ɗauke ta tana taimaka mana: haɗa fayil, kai takardu wurin rajistara, rubuta abin da shaidu suka faɗa a zaman kotu. Shari'ar farko da ta bi tun daga tushe ita ce ta wani yaron shago, a wata kotun majistare a nan Abuja. Maigidansa mai sayar da wayoyi ne a Wuse. Wata safiya aka buɗe shago aka tarar babu sababbin wayoyi 14, kwaɗo kuma lafiya lau, ba a ɓalle ba. Yaron ne ya kulle shagon daren jiya. Aka tuhume shi a ƙarƙashin sashe na 289 na kundin dokokin laifuka na Final Kod, wato satar da bara ya yi wa ubangidansa, wadda hukuncinta kan kai ɗaurin shekara bakwai. Cikin fayil ɗin kuma har da bayanin da aka ce ya yi wa 'yan sanda yana amsa laifi, da dangwalen yatsansa a ƙasa.

Ta karanta fayil ɗin a mota muna hanyar kotu, ta rufe, ta ce, “Barista, to me za mu je mu ce? Ai ya amsa da bakinsa.” Na ce ta riƙe biro kawai, ta rubuta duk amsar da shaida zai bayar yadda ya faɗe ta, kada ta gyara masa.

Abin da ba ta riga ta gani da idonta ba shi ne yadda sashe na 36(5) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ke aiki a cikin ɗakin kotu. Sashen ya ce duk wanda aka tuhuma da laifi ana ɗaukarsa marar laifi har sai an tabbatar da laifinsa. Sashe na 135 na Dokar Shaida ta 2011 ya ƙara da cewa wanda ya yi zargin shi zai tabbatar, kuma tabbatarwar da ba ta bar wata shakka mai ma'ana ba. Ta haddace waɗannan a makaranta. Amma a ranta tana jiran yaron ne ya tashi ya wanke kansa, kamar yadda yawancinmu muke jira.

Mai shago ne ya fara hawa akwatin shaida. Mutumin kirki ne, ya yi asara ta gaske, kuma ya yi imani da abin da yake faɗa. Da aka zo kaina ban ƙaryata shi ba ko sau ɗaya. Na tambaye shi makullan shagon nawa ne. Ya ce uku. Su wa ke riƙe da su? Shi, da yaron, da ƙanin matarsa mai kula da lissafi. Ya ga yaron ya ɗauki wayoyin? A'a. An samu ko ɗaya a hannunsa ko a ɗakinsa? A'a. Yaushe aka ƙirga kayan shagon a ƙarshe kafin ranar? Ya yi shiru yana murza hularsa, sannan ya ce zai kai mako biyu. Wannan amsar ta fi duk sauran nauyi, don idan mako biyu ba a ƙirga kaya ba, ba wanda zai iya rantsuwa cewa a daren nan wayoyin suka fita.

Sai ɗan sanda mai bincike. Ya ɗauki bayanin ƙanin matar? Bai ɗauka ba, don mai ƙara bai zarge shi ba. Ya tambayi masu gadin layin? Bai samu dama ba. Kowace waya tana da lambar IMEI a jikin kwalinta, da ita ake bin sawun waya idan aka saka mata layi; ya karɓi lambobin ya bi? Ya ce ana kan yi. Na leƙa takardar yarinyar na ga ta ja layi biyu a ƙarƙashin “ana kan yi”.

Daga nan mai gabatar da ƙara ya ciro bayanin amsa laifin zai miƙa wa kotu, na tashi na ce ban yarda ba. A nan mutane suka fi jin haushin lauyoyi, don haka bari in tsaya a kai. Bayanin da Turanci aka rubuta shi. Yaron ba ya jin Turanci, har a kotun ma tafinta ke juya masa. Ɗan sandan da ya rubuta kuwa ya amsa da bakinsa cewa ba ya jin Hausa, wani abokin aikinsa ne ya yi musu tafinta a ofis. Ke nan abin da ke kan takardar ba maganar yaron ba ce kai tsaye, abin da tafinta ya ce yaron ya ce ne. Kotunan Najeriya sun daɗe da tsayawa a kan cewa idan aka ɗauki bayani ta bakin tafinta, dole tafintan ya zo ya ba da shaida, in ba haka ba bayanin ya zama “an ce, ka ce”. Ga kuma dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda ke aiki a Abuja: sashe na 15(4) ya yi tanadin ɗaukar irin wannan ikirari a bidiyo, sashe na 17 kuma ya yi maganar ɗaukarsa a gaban lauyan mutum ko wani wanda ya zaɓa. Babu bidiyo, babu lauya, babu kowa nasa a wurin.

Mai shari'a ba ta yi gaggawa ba. Ta ɗage zama don a kawo tafintan. Aka dawo, aka ce an yi masa canjin wurin aiki. Aka sake ɗagewa, bai zo ba. Ta ƙi karɓar takardar, masu ƙara suka rufe shaidarsu.

A ofis yarinyar ta fara shirya tambayoyin da za mu yi wa yaron idan ya hau akwati. Na ce ta ajiye, ba zai hau ba. Ta ɗago kai da mamaki: “Barista, ba zai ce komai ba? Ai sai a ce yana ɓoye wani abu.” Na buɗe mata sashe na 36(11) na kundin, inda aka hana tilasta wa wanda ake tuhuma ba da shaida a shari'arsa. Sannan na nuna mata sashe na 302 da 303 na dokar 2015. Idan masu ƙara suka gama, lauyan wanda ake tuhuma na iya cewa kotu abin da aka kawo bai kai a ce mutum ya kare kansa ba, ko don ba a kawo shaida kan wani ginshiƙin laifin ba, ko don tambayoyi sun rusa shaidar har ba kotun da za ta dogara da ita. Ginshiƙin sata shi ne a nuna wannan mutumin ne ya ɗauke kayan. Da rubutun hannunta muka haɗa takardar: makulli uku, mako biyu ba ƙirga, ba a samu komai a hannunsa ba, “ana kan yi”. Kotu ta amince, ta sallame shi ba tare da ya buɗe baki ba.

A bakin kotu mai shagon ya wuce mu yana cewa Allah ya isa. Ita kuma ta matso ta yi ƙasa da murya, ta ce, “Tsakani da Allah, Barista, shi ya ɗauka ko ba shi ba ne?” Na ce ban sani ba. Har yau ban sani ba. Mai shari'a ma ba ta ce ta san bai ɗauka ba. Cewa ta yi ba a nuna mata ya ɗauka ba. Da an ɗaure shi a kan wannan shaidar, da haka za a iya ɗaure ƙanin matar, ko mai shagon kansa, tunda duk makulli ne hujjar. Kuma mu da muka tashi da karatun fiƙihu bai kamata wannan ya zama baƙo gare mu ba: hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa, kuma ana kawar da haddi saboda shubuha.

Kada wani ya karanta wannan ya ɗauka yin shiru kullum yana fid da mutum. Da an samu ko waya biyu cikin wayoyin a jakar yaron washegari, da labarin ya sauya. Sashe na 167 na Dokar Shaida ya ba kotu damar ɗaukar wanda aka samu da kayan sata jim kaɗan bayan satar a matsayin ɓarawon ko mai karɓar kayan sata, sai in ya yi bayanin yadda suka zo hannunsa. A irin wannan hali lauyan da ya hana mutuminsa magana ya cuce shi. Haka kuma shakkar da doka ke nufi ba kowane “wataƙila” ba ne da lauya zai ƙirƙiro. Sai wadda ta fito daga cikin shaidar kanta, irin makullin nan na uku.

Inda ni kaina nake ganin muna yaudarar kanmu shi ne wajen beli. Tun zaman farko kotu ta ba yaron beli, amma da sharaɗin mai tsaya masa ya zama ma'aikacin gwamnati mai babban matsayi da ke zaune a Abuja. Yaron da ya zo ci-rani, danginsa duk suna ƙauye, ina zai samo irin wannan? Sai da muka koma muka roƙi a sassauta sharaɗin, kafin nan ya yi watanni a gidan yari. Mafi yawan waɗanda ke gidajen yarin ƙasar nan ma masu jiran shari'a ne, ba waɗanda aka yanke wa hukunci ba. Sashe na 165 na dokar 2015 ya ce kada sharuɗɗan beli su yi tsanani fiye da kima, kuma yanzu shi ne abu na farko da yarinyar ke dubawa a duk fayil ɗin da ya shigo: me aka gindaya, kuma wa mutumin yake da shi a garin nan da zai iya cikawa.