Takardar canjin tsarin aiki da Faransanci: ladabi bai kamata ya ɓoye umarni ba

Duk wanda ya yi aikin ofis a Yamai, Maraɗi ko Damagaram ya san takardar da ake kira note de service, wadda shugaba ke sanya wa hannu a liƙa a allon sanarwa. Ra'ayina shi ne yawancin waɗanda ake rubutawa domin sanar da canjin tsari suna lalacewa ne wajen neman nuna ladabi da iya Faransanci, har ma'aikaci ya karanta shafi guda bai gane abin da ake so ya daina da abin da ake so ya fara ba.

Wannan takarda ba wasiƙa ba ce, domin ba ta buɗewa da gaisuwa, ba ta kuma rufewa da dogayen jimlolin girmamawa. Umarni ce da ya wajaba a bi, saɓanin note d'information wadda labari kawai take bayarwa. A samanta ana sa lamba, wuri da kwanan wata, mai aikawa da waɗanda aka aika wa, sannan layin Objet, wanda ke faɗin batun takardar a taƙaice.

A wani ofis da na yi aiki an taɓa canza yadda ake mayar wa ma'aikata kuɗin tafiyar aiki. A da mutum yana da wata guda ya kai rasit hannu da hannu, sai aka koma aikawa ta imel cikin kwana 10. Takardar ta fara da "Il est porté à la connaissance de l'ensemble du personnel", ta ɗauki sakin layi biyu tana bayani a kan inganta aiki, kuma wa'adin bai bayyana ba sai a layi na biyun ƙarshe. A layin Objet an rubuta "Frais de mission" kawai, wanda ba ya nuna cewa wani abu ya canza. Bayan mako biyu mutane suna nan suna kai wa akanta takardu kamar yadda suka saba, kuma wannan ce alamar da nake gane takardar da ta gaza: idan kowa sai ya je ya tambayi sakatare ma'anarta, ba ta yi aikinta ba.

Da ni ne na rubuta, layin Objet zai ce "Nouvelle procédure de remboursement des frais de mission", jimlar farko kuma ta ɗauki ranar fara aiki da canjin tare: "À compter du 1er mars, les justificatifs sont transmis par courriel dans les dix jours ouvrés suivant le retour." Dalili ya biyo baya a jimla ɗaya, domin wanda ya san dalili ya fi saurin bi, amma dalilin ba ya gaban umarni. Kalmar ouvrés ma da gangan na zaɓe ta. Jours ouvrables suna haɗawa da Asabar, jours ouvrés kuwa ranakun da ofis ke buɗe ne kaɗai, saboda haka a ofishin da ke aiki Litinin zuwa Juma'a, idan aka fara ƙirga kwana 10 daga Litinin, na farko ya ƙare ranar Alhamis ta mako na biyu, na biyun kuma ranar Juma'a. Kwana ɗaya ne tsakani, amma ya isa a hana mutum kuɗinsa.

Abin da aka fi mantawa shi ne wanda canjin ya tarar a hanya. Wanda ya tafi a ƙarshen Fabrairu ya dawo 3 ga Maris, wane tsari zai bi? Dole takardar ta faɗa, ta kuma soke tsohuwar da lambarta ta hanyar "annule et remplace", in ba haka ba takardu biyu masu karo da juna za su zauna a allo ɗaya.

Game da murya, Faransancin ofis yana da matakai da ya kamata a kiyaye. "Vous voudrez bien" umarni ne na sama zuwa ƙasa cikin mutunci, "je vous prie de bien vouloir" kuma ya fi taushi, har na ƙasa yana iya rubuta wa na sama. Abin da ban yarda da shi ba shi ne "devrait" a inda ake nufin "doit", domin yana mayar da wajibi shawara, haka ma "dans les meilleurs délais" wanda kowa ke fassarawa yadda ya ga dama. A ɗaya gefen akwai masu rufewa da barazanar hukunci tun kafin kowa ya yi laifi, bayan sun riga sun rubuta "J'attache du prix au respect de la présente note", wadda ita kaɗai ta isa nuna cewa shugaba ba wasa yake ba. Idan akwai sakamako na gaske, a faɗe shi a fili, wato rasit ɗin da ya zo bayan wa'adi za a biya shi ne a wata mai zuwa, sannan layin ƙarshe kafin sa hannu ya ambaci sashen da za a tuntuɓa.