Ranar da na goge bango saboda ɗigo na biyar

Wai ni za a sa in nuna wa 'yan aji gwajin tsaga biyu, inda haske ke bi ta siraran tsagogi biyu ya faɗa kan bango. Na kashe fitila, na kunna jar leza mai tsawon zango nanomita 650, tsagogin tazararsu milimita 0.25, bango kuma mita 2 daga teburi. Ɗigogi suka jeru ja wur, milimita 5.2 tsakanin kowane da na kusa da shi, daidai da lissafin `λL/d`, wato tsawon zango sau nisan bango a raba da tazarar tsagogi. Sai kaina ya kumbura.

Na shiga bayani kamar ni na haifi Thomas Young, wanda ya shahara da wannan gwajin. Haske kamar igiyar ruwa yake tafiya, tudu da kwari, zango kuma shi ne daga tudu zuwa tudu. Hasken da ya fito ta tsaga ɗaya da na ɗayar, na ce, kowanne da nisan da yake ci kafin ya isa bango. In bambancin tafiyarsu zango cikakke ne, ɗaya ko biyu ko uku, tudu ya hau tudu, wurin ya haska. In kuwa akwai rarar rabin zango, tudu ya faɗa kwari, sai duhu. A tsakiya nisan ɗaya ne, shi ya sa can ma akwai haske.

Na ɗauki rula ina ƙirgawa daga tsakiya. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. A milimita 26, inda na biyar ya kamata ya zauna, wayam. Ga na shida can dishi-dishi.

Jama'a, na goge bangon. Da hannun riga. Na hura tsagogin, na sake gogewa har da ɗan yawu, ina cewa "datti ne". Aka yi tsit. Sai mutuminku na kujerar baya, wanda ya ari kalkuletata bai dawo da ita ba, ya ce, "Malam, duba ɗaya gefen, can ma datti ne?" Can ma na biyar babu. Aji ya fashe.

Mai kula da ɗakin gwaji ya bari sai da suka ƙoshi da dariya, sannan ya ce in karanta faɗin tsagar. Milimita 0.05. Ashe kowace tsaga da nata rikicin cikin gida. A wannan kusurwar, hasken bakinta na sama da na bakin ƙasa sun bambanta da zango guda, to na sama da na tsakiya rabin zango ke nan, su kashe juna, haka bibbiyu har tsagar ta ƙare. Duhunta na farko yana `λL/a`, inda `a` shi ne faɗin tsagar, wato milimita 26 cif. Tsagogin sun shirya haɗa ƙarfi a wurin, amma ba wadda ta aiko da komai. Tunda tazarar ta ninka faɗin sau 5, na goma ma haka zai ɓace.

Shi kuwa gogan na kujerar baya, ko lissafin bai gane ba, na rantse. Yanzu in mun haɗu sai ya ɗaga hannun rigarsa yana goge iska.