620 Ai Ta Fi 580

Har yanzu idan na tuna daren nan sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi. Kun dai san laftof ɗin nan tawa, wadda tun ranar da na saye ta ban yarda an ɓamɓare ƴar takardar da ke jikinta mai rubutun Core i7 ba. To ita ce ta tozarta ni a gaban Autanmu da kuma mutumin nan naku, wanda ba sai na faɗi sunansa ba.

A gurguje: na ƙwallafa rai a kan gem ɗin Cyberpunk 2077, na shiga shafinsa a Steam, kasuwar sayen gem ta intanet, na gangara ƙasa inda ake rubuta irin kwamfutar da gem ɗin yake buƙata. Layi biyu ne, ɗaya an rubuta Minimum, ɗaya Recommended. Kada ku ce ban karanta ba, wallahi na karanta, har da biro da takarda. Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Da a ce ido rufe na saya, da na ce tsautsayi ne.

Ga yadda lissafina ya tafi. A layin Minimum sun ce firosesa Core i7-6700. Tawa i7-7500U ce. 7500 ta fi 6700 ko ba ta fi ba? Na ja maki. RAM sun ce 12 GB, a Recommended kuma 16 GB, ni kuwa 16 gare ni cif, sai na ji kaina ya ƙara girma. Katin girafik sun ce GTX 1060 mai 6 GB ko Radeon RX 580. Na duba nawa na ga HD Graphics 620. A nan na ɗan yi jim saboda 1060 ɗin nan, amma sai na ga ai "ko" suka ce, kuma 620 ta ba 580 ratar 40. Saura VRAM, wato ma'ajiyar katin girafik, da suka ce 6 GB. Na latsa maɓallin Windows da R, na rubuta

```
dxdiag
```

na shiga Display, idona ya sauka a kan Approx. Total Memory, na ga dubu takwas da ƴan kai na MB. Wato 8 GB, daidai da abin da Recommended ke nema. Na rufe takarda na ce wannan gem ɗin ma ya yi wa kwamfutata kaɗan.

Wuri ne kawai ya ba ni wahala. 70 GB suke so a kan SSD, tawa kuma duka-duka 256 GB ce, a cike maƙil. Na share bidiyoyi, na share hotunan da na shekara biyar ina cewa zan tace, na kwana biyu ina sauke gem. Sannan, saboda Allah Ya nufa sai na ji kunya a gaban shaidu, na kira mutane su zo kallo.

Auta ya zo, mutumin naku ya zo ya kame kan kujerar da ta fi kowacce laushi. Na latsa Play. Fankar laftof ta tashi da wani irin kuka da ban taɓa jin ta yi ba, kamar jirgi na shirin barin ƙasa. Allo ya yi baƙi ya daɗe. Na ce musu haka manyan gem suke, sai sun yi shiri. Da ƙyar shafin farko ya fito, na motsa linzami, kibiyar ta yi tunani tukuna sannan ta biyo ni. Duk da haka ban sha jinin jikina ba. Na shiga Settings na ɗora komai a kan High, ina cewa ai mu ƴan Recommended ne.

Da aka shiga cikin wasan sai hoto ya tsaya cak. Can ya canza. Ya sake tsayawa. Na danna W don mutumina ya yi gaba, na saki, na juya ina yi wa Auta bayanin labarin gem ɗin, sai da na juyo na tarar yanzu ne ya ɗaga ƙafa. Sauti kuma na fita a gutsuttsure, wanda ke magana a ciki sai ya faɗi rabin kalma ya tafi hutu. Ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai fanka.

Mutumin naku ya gyara zama ya ce, "Malam, wannan gem ne ko albam ɗin hotuna kake nuna mana?"

Bari in tsaya a kansa kaɗan, don abin na raina. Wannan bawan Allah bai mallaki kwamfuta ba. Bai taɓa mallaka ba. Abin wasan hannuna da ya ara wata bakwai ke nan, ya ce zai gwada a ta wani abokinsa, kullum na tambaya sai ya ce yana cikin ɗaya jakar. Jaka nawa gare shi? Ni dai ɗaya na sani. Kuma shi ne ranar da na sayo laftof ɗin ya shafa takardar i7 ɗin da yatsa ya ce, "Kai, wannan ai jirgi ce." Da bakinsa. Yau shi ne ke riƙe ciki yana bubbuga hannun kujerata, har da share hawaye. Da ya ga na haɗe rai sai ya ce wai shi dama tun farko ya san ba za ta ja ba, bai dai so ya karya mini gwiwa ba ne. Mutumin da bai san bambancin RAM da rami ba.

Na ce ƙila intanet ce. Auta, cikin ladabin nan nasa da ya fi zagi ciwo, ya ce, "Yaya, ai wannan ba ya buƙatar intanet in an gama saukewa. Ko in ɗan duba?"

Ya kunna abin ƙirga FPS, wato hotuna nawa allon ke nunawa a daƙiƙa guda. Lambar ta fito a kusurwa: 3. Ta hau 4, ta dawo 2. Mutumin naku ya shiga ƙirgawa da murya kamar mai gwanjo. Auta ya ce layin Minimum ɗin nan da nake rainawa, alkawarin da ya ɗauka shi ne FPS 30 a 1080p da komai a kan Low. Recommended kuma FPS 60 ne a kan High. Wato wanda ya cika Minimum ma ba more gem ɗin zai yi ba, an dai bar shi ya shiga ya tsaya a bakin ƙofa. Ni kuwa ko unguwar ban iso ba.

Na ɗauko takardata na ajiye masa a gaba, don ni a lokacin ina da hujja. Ya karanta. Na ga leɓensa na rawa, ya cije.

Ya fara da firosesa. Ya buɗe Task Manager, ya shiga Performance, ya nuna mini inda aka rubuta Cores: 2. Ya ce i7-6700 da suke nufi ta kwamfutar tebur ce, tana da 4, kamar a ce ma'aikata huɗu ne a kan aiki, ni kuma biyu gare ni. Harafin U da ke wutsiyar tawa, wanda na ɗauka ado ne, alama ce ta firosesar da aka ƙera don ta tattala batir: wat 15 aka tsara mata, waccan kuwa wat 65. Lambar farko, 7 da 6, zuriya kawai take nunawa, wato tawa ta 2016 ce, waccan ta 2015. Ƙanwa ce a haihuwa, amma ba ta kama ƙafar yayar a ƙarfi ba.

"To 620 da 580 fa?" Na faɗa da ƙarfi, don nan ne nake ganin ba shi da ta cewa.

Nan ne Auta ya kasa riƙewa. Ya juya baya, kafaɗunsa na girgiza. Da ya dawo hayyacinsa ya ce, "Yaya, don Allah ka yi haƙuri. Kamfani daban-daban ne, kowa da yadda yake lambarsa. Kamar ka ce lambar gidanka ta fi ta maƙwabci yawa, don haka gidanka ya fi girma." Ya ce RX 580 kati ne mai zaman kansa, da fankokinsa da ma'ajiyarsa, wutar da yake sha shi kaɗai ta ninka ta firosesata fiye da sau goma. HD Graphics 620 kuwa ba kati ba ne sam, wani ɗan yanki ne a cikin firosesar, kuma daga wat 15 ɗin nan ake yaga masa nasa kason. Ashe duk shekarun nan kallon kitse nake yi wa rogo.

Saura 8 GB ɗina. Ya sake buɗe `dxdiag`, ya sa yatsa a layin da ke ƙasa da wanda na karanta, ƙasa da shi kai tsaye, ko tazarar yatsa babu. Display Memory (VRAM): 128 MB. A ƙarƙashinsa Shared Memory, a nan dubu takwas ɗin take. Wato Windows ce ta yarda a ara wa girafik har kusan rabin RAM ɗina, sai ta haɗa aron da ɗan abin da ke hannu ta rubuta jimilla a sama. RAM kuma ba ta da saurin VRAM ta gaske, ga shi duk abin da aka ara daga 16 ɗin da nake taƙama da ita ake cirewa. Suna neman 6 GB, ni kuma na je musu da 128 MB da kayan aro.

Mutumin naku, da jin an ce aro, sai ya sake fashewa da dariya. Shi fa! Na dube shi na ce, tunda an zo maganar aro, ina abin wasana? Ya ce yana ɗaya jakar.

Na tambayi Auta ko in na ƙara RAM abin zai gyaru. Ya ce layukan nan ba jarrabawa ba ce da ake haɗa maki, wanda ya fi rauni shi ke yanke hukunci, kuma a gem irin wannan katin girafik ake fara dubawa. In ana son gaskiya, sai a rubuta cikakken sunan kati, har harafin ƙarshe, tare da sunan gem, a kalli bidiyon wanda ya gwada. Na ce to a canza katin. Ya ce a wannan laftof ɗin a manne yake da allon ciki, sai dai a canza laftof.

Duk da haka ban haƙura ba. Muka mayar da komai Low, muka sauke zuwa 720p, hoton ya koma kamar an shafa wa gilashi man shafawa. FPS ta kai 9. Na ce kun gani, ta fara sabawa. Ba wanda ya tanka.

Auta ne ya tuna mini cewa Steam na mayar da kuɗi in ba a wuce kwana 14 da saye ba kuma ba a yi awa 2 ana wasa ba. Na duba, awa 1 da minti 41, yawanci a cikin Settings na ɓatar da su. An dai mayar mini. Hotunan da na share kuwa sun tafi ke nan.

Takardar i7 ɗin tana nan, gefenta ɗaya ya fara ɗagowa da kansa saboda zafin daren nan. Jiya mutumin naku ya turo mini saƙo wai akwai wani gem da ya ji labari, in duba masa ko tawa za ta ja. Ban ba shi amsa ba tukuna.