Kada a ce wa yaro "babanka ya yi tafiya"

Ƴan'uwana matasa masu ƙananan yara, akwai kuskuren da muke yi a gidan rasuwa da sunan tausayi, kuma na ga ƙarshensa da idona a unguwarmu, nan Tawa.

Wani magidanci ya rasu ya bar ɗiya ƴar shekara 4, sai gwaggonta ta ce mata baba ya tafi Abijan. Duk wanda ya tashi a ƙasar Adar ya san cewa ɗan ci-rani yakan tafi bayan girbi, ya dawo gab da damina da tsaraba, saboda haka abin da yarinyar ta ji alkawari ne. Da hadari ya fara haɗuwa, ubannin yaran maƙwabta suka dawo ɗaya bayan ɗaya, ita kuwa tana jin ƙarar babur sai ta ruga ƙofar zaure. A ƙarshe, a bakin yaran makarantar allo ta ji gaskiya, kuma daga ranar, ko kasuwa mahaifiyarta za ta je sai ta riƙe mata zane tana kuka, don ta fahimci cewa "tafiya" tana iya zama wadda ba a dawowa.

Yaron da bai kai shekara 5 ba yakan ɗauki magana yadda aka faɗe ta, kuma bai gane cewa mutuwa ba ta da komowa ba. "Ya riga mu gidan gaskiya" magana ce ta manya. Shi gida zai ji, ya nemi a kai shi. In aka ce barci yake yi, yana iya jin tsoron kwanciya.

Abin da ya dace shi ne wanda yaron ya fi shaƙuwa da shi ya zaunar da shi a ɗaki, nesa da masu ta'aziyya, ya ce: "Baba ya mutu. Jikinsa ya daina aiki, ba ya numfashi, ba ya jin yunwa ko zafi, kuma ba zai dawo ba. Muna roƙon Allah ya jiƙansa." Idan ciwo ne sanadi, a bayyana masa cewa ciwo ne mai tsanani da magani bai iya warkarwa ba, domin in an tsaya a "rashin lafiya" kawai, ran da mura ta kama mahaifiyarsa hankalinsa zai tashi. A kuma faɗa masa, ko bai tambaya ba, cewa ba rashin jinsa ne ya jawo ba, don yara sukan ɗora wa kansu laifin a ɓoye.

Ba sai an ɓoye masa hawaye ba. Annabi (SAW) ma ya zubar da su a rasuwar ɗansa Ibrahim.

Yana iya ji ya tashi ya koma wasansa, kuma wannan ba rashin damuwa ba ne. Gobe zai sake tambaya yaushe baba zai dawo, jibi ma haka, sai a maimaita masa kalmomin nan dai ba tare da an canza su ba, sannan a gaya masa wanda zai riƙa kai shi lakwal daga yanzu.